Wasiƙar godiya ga 'yan sa-kai bayan zagayen rigakafi: me za a ce, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ce nake riƙe da ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Makon jiya muka kammala zagayen ɗigon shan inna, ina so in rubuta wa 'yan sa-kai da suka taya mu aiki wasiƙar godiya, amma duk abin da na rubuta sai in ji kamar jawabin taro. Ga shi har yanzu alawus ɗinsu bai fito ba. Me zan ce musu, me kuma zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da aiki, Allah Ya saka da alheri. Ajiye biron tukuna, ki ɗauko takardun ƙirga na kwana huɗun da na ranar komawa bin yaran da aka rasa, da littafin da kuka riƙa rubuta abin da aka faɗa a taron yamma. A cikinsu wasiƙar take. Abin da yake sa godiya ta zama jawabin taro shi ne rubuta ta daga ka, sai ta cika da "gagarumar gudummawa" da "namijin ƙoƙari", kalmomin da za su dace da kowa a kowane aiki. Matar da ta wuni tana shiga gida tana fita da kular maganin rigakafi a kafaɗa so take ta ji cewa an ga ainihin abin da ta yi, kuma an san inda aikin ya yi wuya.

Bari in fara da lissafi, domin a nan ne masu rubuta irin wannan wasiƙa suka fi zamewa. Kowa yakan yi sauri ya rubuta kaso: mun kai kashi 94, mun kai kashi 102 cikin ɗari. Wannan lamba ta ofis ce, kuma ke ma kin san inda take da rauni. Adadin yaran da aka ba ku a matsayin abin da za ku cimma ƙiyasi ne, ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya ba. Shi ya sa mazaɓa takan haura kashi ɗari alhali akwai lungun da ba a taka ba. Ki bar kaso ga rahoton da za ki aika ƙaramar hukuma. A wasiƙar, lambar da ta fi daraja ita ce ta yaran da aka rasa a zuwan farko sannan aka koma aka samo su.

Mu ɗauki misali don abin ya fito fili. A ce mazaɓarki tana da tawaga takwas, an ɗiga wa yara 2,265 'yan ƙasa da shekara biyar. A zuwan farko an rubuta yara 210 da ba a samu ba: wasu sun tafi islamiyya, wasu an goya su an tafi kasuwa ko biki, wasu suna gidajen da aka hana shiga. Aka koma da yamma, aka koma washegari, aka samo 140. Gidaje 31 ne suka ƙi da farko, 19 suka yarda bayan an zauna da su, 12 suka tsaya a kan bakansu. Yara 70 suka rage. To waɗannan 140 da gidajen nan 19 su ne gumin 'yan sa-kai. Ɗiga wa yaron da uwarsa ta miƙo shi tun daga zaure ba ya buƙatar komai sai hannu. Komawa gidan da aka rufe miki ƙofa jiya, ki sake yin sallama da fara'a, ki zauna a tabarma ki saurari ƙorafin maigida a kan rashin magani a asibiti da rijiyar da ta lalace, wannan ne aikin da ba kowa zai iya ba. Idan wasiƙarki ta faɗi wannan, sun san kin gani.

Kafin ki sa kowace lamba a takarda, ki gwada ta da kwalabe. Kowane yaro ɗigo biyu ne. Idan kwalbarku ta yara 20 ce (akwai kuma ta yara 50, ki duba wadda aka kawo muku), yara 2,265 ba za su samu daga ƙasa da kwalba 114 ba. In kin ƙirga kwalaben da aka dawo da su babu komai kika sami 125, lissafi ya zauna, domin dole a sami ɗan abin da ya zube ko yaro ya tofar aka sake ba shi. In kuwa kwalba 100 kawai aka buɗe, iyakarta yara 2,000, to akwai yara 265 da suke a takarda amma ɗigo bai shiga bakinsu ba. Kada ki gode wa mutane a kan lambar da kwalabe suka ƙaryata. Su da suka yi aikin sun san gaskiya, kuma za su fahimci cewa abin da kike so shi ne takarda ta cika.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake roƙon ki bari gaba ɗaya: kada ki ware tawagar da ta fi kowa yawan yara ki yaba mata. Na san zuciya takan so yin haka. Amma tawagar da aka ba unguwar cikin gari mai gidaje jere dole ta fi wadda aka tura rugage da ƙauyukan bayan rafi yawan yara, ko da ta biyun ta fi shan wuya ninki uku. Kuma duk inda aka saba yabon yawa, a zagaye na gaba za ki fara ganin abin da muka sha fama da shi a wannan aiki: a shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa ba tare da an ɗiga masa ba, ko a zauna a gindin bishiya a cika takarda. Ki yaba wa wadda ta dawo ta ce, "Gida kaza ban samu shiga ba," ta rubuta shi, ta sa alamar alli daidai a ƙofa don mai dubawa ya san a koma. Ki yaba wa wanda ya lura cewa ɗan murabba'in da ke jikin kwalba ya yi duhu har ya kai launin da'irar da ta kewaye shi, ya ƙi amfani da ita ya dawo da ita, maimakon ya ɗiga wa yara maganin da zafi ya riga ya kashe. Abin da kika yaba a wasiƙar nan shi za a ƙara yi miki.

Sai maganar alawus. Ki faɗe ta, kuma ki faɗe ta da wuri, ba a layin ƙarshe ba. Idan kika rubuta shafi guda na yabo ba ki taɓa batun kuɗin ba, za a karanta wasiƙar a matsayin an biya su da baki. Ana kiran su 'yan sa-kai, gaskiya ne, amma da yawansu sun ajiye ƙosai ko ɗinki ko kitso na kwana biyar, wasu sun ci bashin kuɗin babur. Ki gaya musu abin da kika sani kaɗai: cewa kuɗin bai iso ba, cewa ba ta hannun asibitinku yake fitowa ba, cewa kin miƙa sunayensu da lambobin asusunsu ranar kaza, kuma duk wanda sunansa ya sami matsala ya zo ku gyara tare. Sau da yawa jinkirin mutum ɗaya daga nan yake: sunan da ke takardar aiki bai yi daidai da na banki ba, ko mace ta ba da asusun mijinta ko na ɗanta. Kada ki sa ranar biya in ba a hannunki take ba. Kada kuma ki yi abin da zai yi kama da alkawarin ɗaukar aiki. Jumla ɗaya kamar "ba za a manta da ku ba idan dama ta zo" takan zauna a ran saurayin da ya gama makarantar koyon aikin lafiya yana zaune a gida, ya riƙe ta shekara biyu. Abin da kike da iko a kai shi ne takardar shaida mai sunansa da kwanakin da ya yi da irin aikin da ya riƙe, da hatimin asibiti. Wannan tana da amfani a gare shi, kuma ba ƙarya a ciki.

Akwai abubuwa biyu da ba sa shiga wasiƙar ko kaɗan. Na farko, sunan gidan da ya ƙi, ko kwatancen da zai sa a gane shi. Wasiƙar za ta zaga, za a karanta ta a zaure, wani zai ɗauki hotonta a waya. Maigidan da ya ji an ambace shi ya rufe ƙofarsa ke nan, kuma 'yar sa-kan da ke makwabtaka da shi ita za ta kwana da abin. Kada ma ki kira su jahilai ko masu taurin kai. Mu da muka ga 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon a Kano har sai cikin 2004, mun san cewa ba zagi ne ya dawo da mutane ba. Sarakuna da malamai da mata irin naki ne suka bi gida-gida da haƙuri. Ki ce "gidajen da ba mu kai ga fahimtar juna da su ba tukuna", ya wadatar.

Na biyu, sunayen su 'yan sa-kan a takardar da za a liƙa a bango, sai da izininsu. Ba mu manta da Fabrairun 2013 ba, lokacin da aka harbe mata masu aikin rigakafi a Kano. Yau abubuwa sun yi sauƙi a wurare da yawa, amma akwai yankunan da har yanzu mace ba ta so a san ita ce ke shiga ƙauye kaza da kula, wata kuma mijinta ya yarda ne bisa sharaɗin ba za a yi ta yawo da sunanta ba. Hanyar da ta fi ita ce wasiƙa iri ɗaya, kwafi da yawa, kowa ki rubuta sunansa da hannunki a sama, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa wanda nasa ne shi kaɗai. Wannan layin na hannu shi ne za a fi karantawa.

Ga yadda zan rubuta ta da lambobin misalin nan. Ki sauya su da naki.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kun huta gajiya, mu ma'aikatan asibitin mazaɓa tare da kwamitin ci gaban mazaɓa muna rubuto muku ne don mu gode muku a kan zagayen ɗigon shan inna da muka kammala tare.

"Cikin kwana huɗu da ranar komawa bin yaran da aka rasa, kun ɗiga wa yara 2,265. A zuwan farko yara 210 ba a same su ba. Ba ku bar su ba. Kun koma bayan la'asar, kun bi su islamiyya da kasuwa da gidajen suna, har kuka samo 140. Gidaje 31 ba su amince ba da farko. Da haƙurinku da taimakon masu unguwanni da limamai, 19 sun buɗe ƙofa. Mun ga masu fitowa tun da asuba ɗaukar ƙanƙara, mun ga tawagar da ta ƙetare rafi da ƙafa, mun ga waɗanda suka dawo da kwalbar da zafi ya taɓa maimakon su yi amfani da ita, da waɗanda suka rubuta gaskiyar gidajen da ba su samu shiga ba. Wannan gaskiyar ce ta sa muka san inda za mu koma.

"Game da alawus ɗinku: har zuwa yau bai iso ba. Ba daga asibiti yake fitowa ba, amma mun miƙa sunayenku duka, muna kuma bibiya. Duk wanda yake shakkar yadda aka rubuta sunansa ko lambar asusunsa ya zo mu duba tare. Da zarar mun ji labari za mu sanar da ku, mai daɗi ne ko akasin haka.

"Yara 70 sun rage, kuma ba mu cire rai da su ba. Muna roƙon ku ci gaba da abu biyu a unguwanninku: tuna wa iyaye ranar rigakafi ta mako-mako a asibiti, su zo da katin yaro, da kuma sanar da mu nan take idan kun ji yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya.

"Muna miƙa godiya ga mazajenku da iyayenku da suka ba ku izini, da waɗanda suka riƙe muku gida da yara kuna waje. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya mana zuri'a, Ya sa aikin nan a mizani. Wassalam."

Kin ga ba ta kai shafi ɗaya ba. Haka ake so, domin yawanci karanta ta za a yi a bainar jama'a, kuma a cikin tawagarki akwai ungozomomi da dattawan da ba sa karanta boko. Ki rubuta da Hausa, ko da an saba yin takardun ofis da Turanci. In akwai wanda ajami ya fi masa sauƙi, ki nemi malamin da zai kwafe masa. Ba ƙaramin girmamawa ba ne wannan. Ki karanta ta da ƙarfi ke kaɗai kafin ki buga. Duk jumlar da numfashinki ya yanke kafin ki kai ƙarshenta, ki raba ta biyu.

Bari in tsaya kaɗan a kan sakin layi na huɗu, don wata za ta ce ai wasiƙar godiya ba wurin ba da sabon aiki ba ce. Ni ina ganin akasin haka, muddin roƙon bai wuce abu ɗaya ko biyu ba. Mutum yakan ji an ɗauke shi da muhimmanci idan aka gaya masa abin da ya rage. Kuma ke kin san zagaye ba ya maye gurbin rigakafin yau da kullum. Ɗigon da aka bi gida-gida da shi na shan inna ne kaɗai. Ba ya kare yaro daga ƙyanda, ko tarin shiƙa, ko mashaƙo, ko sarƙe-haƙora. Waɗannan sai an kawo yaro asibiti: ranar haihuwa, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, sannan wata tara da wata goma sha biyar don ƙyanda. Uwa da yawa takan ga tawada a yatsan ɗanta ta ɗauka an gama masa komai. Ba wanda ya fi 'yar sa-kan da ta shiga ɗakinta dacewa ya warware mata wannan. Su ne kuma suka san gidan da aka yi haihuwa jiya da gidan da ba a taɓa kai yaro asibiti ba.

Haka batun yaron da gaɓarsa ta saki. A watan Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, bayan an ga na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno cikin 2016. Mutane suna jin wannan sai su tambayi 'yan sa-kai, to me ya sa kuke ta dawowa? Amsar ita ce akwai wani nau'in ƙwayar da ke yaɗuwa a inda yara da yawa ba su sami ɗigon ba, kuma shi ma yana shanye ƙafa. Hanyar gano shi ita ce a ji labarin duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya yi laushi ba zato, a ɗauki bayan-gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da farawar abin. In labari ya makara, gwajin ya yi rauni. Irin wannan yaro kuwa sau da yawa wurin mai maganin gargajiya ko mai ɗori ake fara kai shi, kuma 'yan unguwa ne ke fara ji. Ba sai kin zuba duk wannan bayani a wasiƙar ba. Layi ɗaya ya isa a takarda, sauran ki yi shi da baki ranar da kuka taru.

Game da waɗanda za a ba: kada ki tsaya ga masu ɗigawa da masu rubutu. Akwai wakilin mai unguwa da ke gaba yana sallama, akwai mai shela da ya zaga kafin a fara, akwai mata masu wayar da kai, da mai babur ɗin da ya yi ta jigilar ƙanƙara, da mai shagon da ya bar ku kuka sa ƙanƙara a firjinsa ranar da aka ɗauke wuta. Wanda aka tsallake ya fi jin zafin tsallakewar fiye da yadda wanda aka ba ya ji daɗin samu, don haka ki zauna da mai kula da zagayen a mazaɓa ku bi jerin sunayen sau biyu. Dagaci da masu unguwanni da limamai kuwa ba a haɗa su a takarda ɗaya da 'yan tawaga. Tasu daban ce, gajera, da gaisuwar da ta dace da su, kuma da ƙafa ake kai ta, ba a aika yaro.

Ki sa hannu ke da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, don godiyar ta fito daga gari ba daga asibiti kaɗai ba. Ki nuna wa jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma kafin ki raba, musamman saboda lambobin da batun kuɗin, kada abin da kika rubuta ya saɓa da abin da ya aika sama. Kwafi ɗaya ya zauna a fayil. Kuma kada ki jira alawus ya fito kafin ki raba ta. Cikin mako biyu da gama aiki ya kamata ta isa hannunsu, tun ana tuna wace tawaga ce ta shiga wane lungu. In kuɗin ya iso daga baya, ki bi su da saƙon waya kamar yadda kika yi alkawari a sakin layi na uku. In wata ya wuce bai iso ba, nan ma ki kira su ki gaya musu inda maganar ta tsaya da wanda kika tuntuɓa.